Cinikin biri a sama: kafin ki tura kuɗin keken ɗinkin nan

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Anguwan Rogo, nan Jos. Watan jiya na kwashi adashi, naira 240,000, ina son in sayi babban keken ɗinki mai aiki da wuta, irin wanda muke ce wa indastiriyal. A nan gari an yi mini kuɗinsa 350,000. Sai na ga wani shago a Instagram, sun ce suna Wuse a Abuja, za su bar mini a 215,000 har da kuɗin mota. Mabiyansu sun haura dubu 40. Sun turo mini hoton takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da katin shaidar mai shagon da bidiyon kekuna a jere. Amma sun ce rangwamen zai ƙare ranar Juma'a, kuma sai na biya duka kafin su ɗora a mota. Da na sa lambar asusun, sunan wani mutum daban ya fito, suka ce ai na akantansu ne. Ban taɓa sayen komai ta waya ba. Maigidana ya ce in haƙura, ƙawata ta ce tsoro ne kawai ke damuna. Yaya zan gane ko na gaskiya ne?

Maman 'yan biyu, Jos

Wa alaikumus salam, Maman 'yan biyu. Allah ya raya mana su, ya sa wa sana'a albarka.

Kada ki tura ko sisi tukuna. Ban ce lallai ɓarayi ne ba, don ban san su ba, kuma akwai masu gaskiya birjik da ke neman halalinsu a Instagram. Amma duk abin da ke hannunki yanzu su ne suka ba ki shi, kuma abin da mai sayarwa ya turo da hannunsa ba ya zama shaida a kansa. Takarda ana kwafarta, bidiyo ana ɗaukowa daga shafin wani, mabiya kuwa sayensu ake yi kamar gyaɗa a faranti. Katin shaidar nan da ya kwantar miki da hankali ya fi komai ba ni tsoro. Ɗan kasuwa na gaske ba ya rarraba katinsa ga baƙin da bai sani ba. Sau da yawa katin wani bawan Allah ne da aka riga aka damfara, aka ce ya turo shi don wai direba ya gane shi. Saboda haka idan suka nemi naki, ki hana.

Shaidar da za ki dogara da ita ita ce wadda kika je kika ɗebo da kanki, ta hanyar da ba su ne suka shimfiɗa miki ba. Kuma kin riga kin ɗebo guda ɗaya ba tare da kin san nauyinta ba, wato sunan da ya fito a manhajar banki.

Bari in daɗe a nan, don nan ne gizo ke saƙa. A cikin duk abin da ɗan damfara yake nuna miki, sunan asusu ne kaɗai ba shi da iko a kansa. Shafi shi ya raɗa masa suna, hoto shi ya zaɓa, amma in kika buga lambobin nan goma, banki ne ke ba ki amsa, ba shi ba. Abin da kike nema shi ne suna guda a wuri uku: sunan da ke kan shafin, sunan da ke rajistar CAC, da sunan da banki ya nuna. Wanda ya yi wa kasuwancinsa rajista har yana alfahari da takardar, me zai hana shi buɗe asusu da sunan kasuwancin? Ai amfanin takardar ke nan na farko, da ita ake zuwa banki. Shagon da ke da kekuna a jere, kowane ɗaya na dubu ɗari uku da wani abu, a ce kuɗinsa na shiga aljihun akanta? Ki tambayi kowane mai shago a Ahmadu Bello Way ko zai yarda da haka, ki ji dariyar da zai yi.

Dalilin da ya sa suke amfani da sunan wani shi ne asusun ba nasu ba ne. Wani na haya ne, an ba wani matashi ɗan abin shan ruwa ya buɗe ya miƙa musu. Wani kuma na mai POS ne da bai san hawa ba bai san sauka ba: ana ce masa ɗan'uwa zai turo kuɗi, kina turawa a karɓe tsaba a ɓace. Ranar da za a bi sawu, a kan wanda bai taɓa jin sunanki ba za a tsaya.

Sai dai ban so ki ɗauki wannan a matsayin doka marar togiya. Akwai wata mai atamfa a Kantin Kwari da nake saye a wurinta shekara da shekaru, ba ta da wata rajista, asusun ma na mijinta ne. Yawancin ƙananan 'yan kasuwarmu haka suke, kuma ba laifi ba ne. Bambancin shi ne ita wadda ta haɗa mu ta san gidanta, kuma ranar farko turmi ɗaya na saya, wanda ko ya salwanta ba zan kwana ina kuka ba. Sunan mutum a asusu ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce wanda ya ce shi kamfani ne, sannan ya ba ki sunan da bai dace da kamfanin ba, bai dace da katin da ya turo ba. Ki koma ki duba, sunan da ke katin shaidar da na asusun ɗaya ne? In sun zama suna uku mabambanta, ni a wurina an gama magana.

Takardar CAC kuwa ba sai kin yarda da hotonta ba, don hukumar tana da shafin bincike na kyauta da kowa ke iya shiga. Ki rubuta `CAC public search` a Google, ki tabbata adireshin da kika shiga ya ƙare da `cac.gov.ng`. Ki buga sunan da ke kan takardar. Idan rajistar ta gaske ce, sunan zai fito da lambarsa da ranar da aka yi ta. Lambar kamfani tana tafiya da RC, ta sunan kasuwanci kuma da BN. Ki gwada lambar da ke allo da wadda ke hoton, harafi da harafi. Za ki kuma ga an rubuta `ACTIVE` ko `INACTIVE`. Na biyun kada ya firgita ki shi kaɗai, don galibi yana nufin ba su shigar da bayanan shekara-shekara ba ne, kuma masu gaskiya da yawa suna sakaci da wannan.

Ga inda mutane ke faɗawa rami: sai su ga sunan ya fito, su ce alhamdulillahi, su tura kuɗi. Fitowar suna tana nuna cewa akwai kamfani mai wannan suna a duniya. Ba ta nuna cewa da shi kike magana ba. Ɗan damfara mai wayo ba ya ƙirƙirar kamfani, na gaske yake ara. Yana iya ɗaukar sunan wani shago da ke Wuse da gaske, da hotunansa da adireshinsa, ya ƙara ɗigo ɗaya ko ƙaramin layi a sunan shafin, ya buɗe nasa. Shi ya sa binciken CAC ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an jingina shi da sunan asusu. Ki kuma rubuta sunan shagon a wurin bincike na Instagram ɗin. In kika ga shafi biyu ko uku masu kusan suna ɗaya da hoto ɗaya, to ɗaya ne na asali, sauran 'yan kwaikwayo ne, kuma sau da yawa na asalin ya riga ya manna gargaɗi a samansa.

Yanzu shafin kansa. Ki buɗe shi, ki taɓa ɗigo ukun nan da ke sama, ki zaɓi `About this account`. Zai nuna miki watan da aka buɗe shi a `Date joined`, da ƙasar da yake a `Account based in`, sannan `Former usernames` ya gaya miki sau nawa aka sauya masa suna. A Facebook kuma ana kiran wurin `Page transparency`. Shagon da ke cewa ya shekara goma yana kasuwanci amma shafinsa na watan shekaranjiya ne, da sake. Wanda aka sauya wa suna sau biyar, sau shida, ya fi wannan muni.

Na san haka ne don an taɓa yi mini. A 2021 na ga saitin tukwane a wani shafi, naira 27,000, masu murfin gilashi, jajaye, har yau ina ganinsu a idona. Matar da ke amsa saƙo ta iya baki, kowace jimla da "Hajiyata" da "in sha Allahu". Na tura da azahar. Washegari da safe wani ya kira, ana jin ƙarar mota da hayaniya a bayansa, ya ce shi ne direba, kaya sun iso tasha amma sai na biya 6,500 na inshora, za a mayar mini in na karɓa. A nan jikina ya yi sanyi. Na ce ya faɗa mini tashar in zo da kaina, ya kashe waya. Kafin la'asar an toshe ni a ko'ina. Bayan mako biyu 'yata ta nemo shafin da wayarta: mabiya suna nan yadda suke, amma suna ya sauya, tukwane sun ɓace, yanzu takalman yara ake sayarwa. Da na san wurin nan na sauyin suna, minti ɗaya ya ishe ni. Ban gaya wa maigidan ba sai bayan Sallah, wannan kuma wani labari ne.

Daga nan ki gangara ƙasa ki karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin hotuna. Shafi mai mabiya dubu 40 da hotonsa ke samun so goma sha biyu, mabiyan nan gumaka ne. Idan an rufe wurin sharhi, ko kika ga `Comments on this post have been limited`, ki tambayi kanki bakin wa ake toshewa. Shago na gaske ba ya rasa ƙorafi. Za ki ga wata ta ce kayanta sun makara, wani ya ce tsada ta yi yawa, mai shago ya ba da haƙuri. Wurin da kowa ke yabo da kalmomi iri ɗaya, ba mai tambaya ba mai gunaguni, an share shi ne. Hotunan hirar WhatsApp da suke mannawa na "na gode kaya sun iso" kuwa, mai waya biyu yana haɗa ashirin kafin shayinsa ya huce. Abin da ya fi su amfani shi ne ɓangaren da wasu mutane suka yi wa shagon alama a nasu hotunan. In kin sami mutum na gaske a ciki, mai shafin da ya daɗe, da 'yan'uwa da hotunan biki, ki yi mata sallama ki tambaye ta. Kada ki karɓi lambar kwastoma daga hannun shagon, don abokin cin mushe za su ba ki.

Hotunan kekunan ma suna da bakin magana. Ki ɗauki biyu ko uku, ki buɗe manhajar Google, ki taɓa alamar kyamara da ake kira Google Lens, ki sa hoton. Zai nuna miki sauran wuraren da hoton yake a intanet. Idan hoton kamfanin da ya ƙera keken ne, mai farin bango, wannan ba komai, kowa na amfani da shi. Amma idan hoton "cikin shagonmu" ya bayyana a shafin wani dila na Legas ko na wata ƙasa, kin sami amsarki. Ko ba Google, idonki na tela ya isa: tayil ɗin ƙasa iri ɗaya ne a duk hotunan? Fentin bango fa? Shago ɗaya ba ya sauya daɓe kowace Talata.

Lambar wayar da lambar asusun su ma ki buga su a Google da Facebook, kowace ita kaɗai. Waɗanda aka cuta sukan wallafa su don huce haushi. Manhajar Truecaller ma takan nuna sunan da mutane suka adana lamba da shi, wani lokaci har da kalmar ɓarawo a ciki. In ba ki ga komai ba, kada ki ɗauka an wanke su, sabon layi ba shi da tarihi.

Sai farashi, wanda na san shi ne ya riƙe miki zuciya. Tsakanin 350,000 da 215,000 akwai 135,000, kusan kashi 40 cikin 100 ke nan, sannan wai su ne za su biya mota. Kekunan nan daga waje ake shigo da su, da dala, kuma dilan Jos da na Abuja kusan rijiya ɗaya suke sha. Abuja kuma ba garin da hayar shago ke da sauƙi ba ne. Ragin dubu goma ko ashirin ana samu. Wanda ya zubar da fiye da sulusin kuɗi, ko dai ba shi da kayan, ko kuma ba kayan da kike zato ba ne: kan keken kaɗai ba tebur ba moto, ko tsoho da aka yi wa fenti. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ranar Juma'ar nan kuma an sa ta ne don kada ki sami sararin yin abin da kike yi yanzu, wato tambaya. Keke ba tumatir ba ne da zai ruɓe ranar Asabar.

A nan kina da makamin da ni ba ni da shi, don kin san sana'ar. Ki yi musu tambayar da sai mai sayar da keke zai iya amsawa. Wane moto ne a jiki, mai kuloci da ke gurnani tun da aka kunna shi, ko sabo mai shiru da ba ya juyawa sai an taka, wanda ƙaramin janareta ke ɗauka? Wace lambar allura yake ci? Wa zai haɗa teburin in ya iso Jos? Idan ya lalace cikin wata uku, ina za a kai shi? Dila na gaske yana jin daɗin irin wannan hira, har sai kin gaji da bayani. Na bogi zai ce "komai akwai Hajiya, ki dai tura." Akwai wata dabara da nake so: ki ƙirƙiro lambar samfurin da babu shi, ki tambaya ko suna da shi. Mai gaskiya zai ce bai san wannan ba. Maƙaryaci zai ce saura guda biyu.

Duk waɗannan ba za su ci miki fiye da rabin sa'a da ɗan data ba. Amma ki san iyakarsu. Suna kama maƙaryaci, ba sa tabbatar da mai gaskiya. Shafi na iya tsallake su duka ya zama na sata, misali tsohon shafin wani shago da aka yi wa kutse aka ƙwace, da tarihinsa da kwastomominsa na gaske. Ko shuɗin tambarin nan da ke gefen suna, tun 2023 biya ake yi duk wata a samu, bai ce akwai keke a shago ba. Don kuɗi irin naki, adashin da kika yi watanni kina zubi, sai an haɗa da ido. Gani ya kori ji.

Matakin farko kiran bidiyo, kai tsaye, ba wanda aka naɗa aka turo ba, kuma ke za ki kira a lokacin da kika ga dama cikin sa'o'in kasuwa. Ki ce wa mai shagon ya fita waje ya nuna miki allon shagon da lambarsa da maƙwabtansa, ya dawo ciki ba tare da ya katse ba. Ya rubuta sunanki da kwanan watan ranar a takarda ya ɗora a kan keken, ya kunna shi ya ɗinka ƙyalle, ya matso da kyamara kan ƙaramin farantin da ke ɗauke da lambar keken ki rubuta. Mutum na iya shiga shagon wani ya ɗauki bidiyo kamar mai ciniki, amma ba zai iya jona keken mutane ya hau ɗinki ba. Uzurin da za ki ji su ne kyamara ta lalace, sabis ba kyau, kaya suna sito, oga ya hana. Uzuri ɗaya ana haƙuri a sake gwadawa gobe. Na biyu ya zama amsa.

Mataki na biyu shi ne ƙafa. Mutumin Jos da zai ce ba shi da kowa a Abuja bai bincika ba ne. Tsakanin Mararaba, Nyanya, Kubwa da Dei-Dei ba za ki rasa ɗan'uwa, ko ɗan unguwa, ko ƙanen wata kwastomarki ba. Ki nemi cikakken adireshi, sunan filaza da lambar shago, don "Wuse" kawai ba adireshi ba ne, akwai kasuwar Wuse, akwai Wuse 2, akwai shiyyoyi har bakwai. Ki ba ɗan aiken kuɗin mota da na ruwa, kada kuma ki sanar da su ranar da zai je. Ga abin da ya kamata ki ja masa kunne a kai: ganin shago bai wadatar ba. Ya shiga, ya nuna wa mai shagon shafin a waya, ya ce wannan naku ne? Ya nuna lambar asusun, ya ce wannan taku ce? Mutane da yawa an cuce su da shago na gaske, ɗan aike ya hango allo daga bakin titi ya kira ya ce "na gani, akwai su", alhali masu shagon ba su san da wani shafi ba.

In sun ce nasu ne, to a gama ciniki a wurin. Ɗan aikenki yana tsaye, ya ga keken da lambar da kika rubuta, ki tura kuɗin cikin asusun da mai shagon ya faɗa da bakinsa, a rubuta rasit mai sunan shago da lambar keken, a ɗauki kaya a kai tasha. Direban ma gara wanda kuka nemo ta wajenku. Motocin Jos na zuwa Abuja kullum su koma ta Keffi da Akwanga, maigidanki ya je tasha ya yi magana da 'yan yuniyon, a haɗa shi da direban da aka sani. Ki bar kuɗin motar ya fito daga aljihunki, ya fi kyautar da ba za ta iso ba.

Idan suka ce to ki ba da kafin alƙalami, ko ki tura kuɗin mota kawai ki biya sauran in kaya sun iso, kada ki ga kamar sun sassauto. Akwai masu cin abinci da wannan kaɗai, dubu goma daga nan, dubu goma sha biyar daga can, kuma sun san ba mai zuwa ofishin 'yan sanda a kan dubu goma. Kafin alƙalami na wanda aka riga aka tabbatar ne.

Wataƙila su ce ki biya ta shafinsu na intanet, su turo miki mahaɗi. Ki karanta adireshin a hankali, don harafi ɗaya ake sauyawa a kwaikwayi sanannen shago. Alamar kwaɗo ko `https` ba shaidar gaskiya ba ce, tana nufin ba mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninki da shafin ne kawai, kuma kyauta ake samunta. Idan adireshin ya ƙare da `.com`, ki sa shi a `lookup.icann.org` ki ga ranar da aka yi masa rajista. Shafin da bai cika wata biyu ba, ba na ba shi lambar katina. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave na gaske ne, amma aikinsu isar da kuɗi, ba su ne suka ga keken ba. Lambar sirrin katinki da BVN da lambar OTP da banki ke turowa kuwa, ba a faɗa wa mutum su, ko a waya ko a rubuce, ko da ya ce zai mayar miki da kuɗi ne. Mai karɓar kuɗi lambar asusu kawai yake bayarwa, ba ya bukatar komai naki.

Saboda masu karatu da wannan ya riske su a makare: in an riga an tura, a kira banki nan take, ba gobe ba, a ce damfara ce, a nemi su sanar da bankin da kuɗin ya shiga. A adana rasit ɗin, musamman doguwar lambar da ake kira `Session ID`, a ɗauki hoton hirar da na shafin kafin a toshe mutum. A kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, don banki yakan nemi takarda, wani lokaci har umarnin kotu, kafin ya taɓa asusun wani. Ba zan yi wa kowa daɗin baki ba, kuɗin kan bar asusun cikin mintuna, kuma dawowarsu sai an dace. Wanda kuma ya biyo baya ya ce zai ƙwato miki su in kin biya shi wani abu, ɗan gidansu ne.

Game da maigida da ƙawarki, kada ki mai da abin gardama. Ki ba shi wayar ku yi binciken tare bayan isha'i, shi ya nemo ɗan aike. Ƙawar kuma ki tambaye ta ko ta taɓa karɓar kaya daga wannan shagon da hannunta. In ba ta taɓa ba, ƙarfin halinta da kuɗinki take yi.

Ni dai da ni ce, da safe zan tura musu wannan: "Na gode, ina son keken. Ƙanena yana Abuja, zai zo shago ya gani, in biya yana tsaye. Ku ba ni sunan filaza da lambar shago." Kada ki ƙara komai, kada ki ba da haƙuri. Mai shago na gaske zai turo adireshi har da kwatance. Idan kuwa aka fara cewa ba a zuwa sito, ko rangwamen na masu biya ta waya ne kawai, ko aka hau fushi ana cewa kin raina musu hankali, ki rufe hirar. Ki ɗauki 240,000 ɗinki ki koma wurin dilan da ya yi miki kuɗi a nan gari, ki tafi da wata babbar tela da ya saba da ita. Ki tambaye shi ko zai karɓi abin da ke hannunki ya bi ki sauran 110,000 zuwa bayan ɗinkin Sallah, ko kuma yana da na hannu mai lafiya da za ki zauna ki taka, ki ji ƙararsa, kafin ki ƙirga masa kuɗi.